Ranar da Aka Rubuta a Wasiƙa: Lacca kan Takardar Ba da Haƙuri ga Mai Sayen Riɗi na Ƙetare



Ƙasar nan ta daɗe da sanin ciniki da mutumin da ba a taɓa gani ido da ido ba. Tun zamanin gyaɗa, abin da aka noma a Kance da Matameye da Magarya yakan gangara Kano, jirgin ƙasa ya kwashe shi zuwa Legas, daga can ya haye teku. Sai dai a wancan lokacin manyan kamfanonin Turawa ne ke rubuta takardu, daga baya kuma SONARA, wadda gwamnati ta kafa a 1962. Manomi da dillali ba ruwansu da alƙalami. Yau riɗi ya kama wani ɓangare na matsayin da gyaɗa ta bari, kuma ɗan kasuwa mai sito a Matameye yana iya ƙulla ciniki da wayar hannunsa da mai masana'anta a Turkiyya ko Sin. Wanda ya ƙulla cinikin da kansa, shi ne kuma zai rubuta wasiƙa ranar da kaya suka makara.

Wannan lacca a kan wasiƙar nan take. Mutane suna kiranta takardar ba da haƙuri, amma haƙurin bai wuce layi biyu a cikinta ba. Sauran duk sabon alkawari ne, wanda banki zai auna da kalanda, kuma mai saye zai gina aikin masana'antarsa a kai. Ga shi kuma kafin ta isa inda za ta, sai ta ratsa harsuna uku.

A ɗauki misali, a ɗora shi a kan abin da kowa a nan ya gani da idonsa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, iyaka da Najeriya ta rufe, manyan motoci suka daina bin hanyar Ɗan Barto zuwa Kwangwalam da Daura. Ranar 24 ga Fabrairu 2024 ƙungiyar ta sanar da janye takunkumin. Mutane da yawa sun ɗauka washegari hanya za ta buɗe. Ba haka aka yi ba: Najeriya ta ba da umarnin buɗe nata ɓangaren ranar 13 ga Maris, Nijar kuma ta buɗe nata ranar 22 ga Maris. Kusan wata guda ke nan tsakanin jin labari da wucewar mota.

To, a ce akwai wani Alhaji da ke da riɗi a sito, tan 38, wato buhu 760 mai kilo hamsin-hamsin. Kwantena mai ƙafa ashirin tana ɗaukar kimanin tan 19 na riɗi, saboda haka kayansa kwantena biyu ne cif. Da jin labarin janye takunkumi, ranar Litinin 26 ga Fabrairu ya sa hannu a kwantiragi da wani kamfani a birnin Mersin, tashar jiragen ruwa ta kudancin Turkiyya, inda ake markaɗa riɗi a yi tahini da alewa. Sharaɗin cinikin shi ne FOB Legas, ma'ana nauyin Alhaji yana sauka ne a lokacin da kaya suka hau jirgin ruwa a Legas. Biyan kuɗi kuwa ta takardar lamunin banki: bankin mai saye ya yi alkawarin biya idan aka gabatar masa da takardun da suka nuna an yi lodi kafin ƙarshen ranar 31 ga Maris, kuma lamunin kansa zai mutu ranar 21 ga Afrilu. Hanya ta buɗe ranar Juma'a 22 ga Maris, buhuna suna nan jibge a sito, saura kwana tara. Ko yaro ya san ba za a kai ba.

Abin da zuciya take fara raya wa mutum shi ne ya yi shiru, ya tura kaya, ya yi fatan a yi masa uzuri. Wannan ita ce hanya mafi tsada. Lamunin banki yana tafiya ne bisa ƙa'idojin da ake kira UCP 600, waɗanda Majalisar 'Yan Kasuwa ta Duniya da ke Paris ta tsara, suka fara aiki ranar 1 ga Yuli 2007. A ƙarƙashinsu banki ba ya duba riɗi, takarda yake dubawa. Idan takardar lodin jirgi ta nuna 2 ga Afrilu alhali lamuni ya ce 31 ga Maris, banki yana da ikon ƙin biya, ko da kuwa riɗin ya fi wanda aka yi alkawari kyau. Daga nan kuɗin Alhaji suna hannun mai saye: in ya ga dama ya yafe, in ya ga kasuwa ta faɗi ya nemi ragi mai ciwo, ga kaya a tsakiyar teku ba damar dawo da su. Shi ya sa wasiƙar ba ta jiran wa'adi ya wuce. A gaskiya ma tun ranar 13 ga Maris, da aka ga ɓangaren Nijar bai buɗe ba, ya kamata a ce sanarwar farko ta tafi.

Kafin a ɗauki alƙalami, sai a ɗauki kalanda. Nan ne aikin yake, kuma nan ne aka fi yin sakaci. Alhaji yakan ce wa magatakardansa, "Rubuta masa bayan Salla kaɗan kayansa za su tashi." Wannan magana ce da ta wadatar tsakanin Kance da Damagaram, inda kowa ya san kowa. Ba ta wadatar a takarda. Dole a bi kayan mataki-mataki. A misalinmu, a ce an yi lodi a Matameye ranar Talata 26 ga Maris, an gama da duwan, an tsallaka, mota ta isa Kano ranar Alhamis. Washegari 29 ga Maris hutun Ista ne a Najeriya, haka ma Litinin 1 ga Afrilu. Riɗin da ya fito daga ƙauye yana ɗauke da yashi da kara, sai an zuba shi a injin tacewa, irin waɗanda ke kewayen kasuwar Dawanau, har ya kai tsabtar da kwantiragi ya ambata, wadda galibi kashi 98 ko 99 ce cikin ɗari. Injin nan ba Alhaji kaɗai ke jiransa ba. Sannan tacewa tana cin nauyi: wanda ya kawo tan 38 daidai zai tarar ya gaza bayan an fitar da datti, sai ya nemi ciko a kasuwa. Bayan haka akwai ɗura kaya a kwantena, da turaren maganin ƙwari wanda shi ma yana son kwanakinsa a rufe, da tafiyar kusan kilomita dubu zuwa Legas. Ƙaramar Salla ta faɗo wajen 9 da 10 ga Afrilu, direbobi da leburori sun tafi gida. A Legas ɗin kuma akwai masu binciken kaya, da kwastan, da layin shiga tashar Apapa, da ranar da kamfanin jirgi yake rufe karɓar kwantena. Wanda ya rasa wannan rana da awa guda, sai jirgi na gaba.

Idan aka tara wannan duka da gaskiya, aka ƙara 'yan kwanaki saboda abin da ba a sani ba, kwantena ta farko tana iya hawa jirgi kafin 30 ga Afrilu, ta biyu mai jiran ciko kafin 15 ga Mayu. Alhaji zai ji kunyar waɗannan ranaku, zai so a rubuta 15 ga Afrilu don ran mai saye ya yi sanyi. Magatakarda na ƙwarai ba ya yarda. Mai saye yana iya jure jinkiri ɗaya mai tsawo, domin zai nemi riɗi a wani wuri ya toshe giɓin. Wasiƙa ta biyu mai neman ƙarin lokaci a kan ƙarin lokaci ita ce take kashe hulɗa.

Ga yadda gangar jikin wasiƙar za ta kasance da Hausa, kafin a kai ta ga mai fassara:

"Game da kwantiraginmu na ranar 26 ga Fabrairu 2024, na farin riɗi tan 38, FOB Legas. Muna sanar da ku cewa ba za mu iya yin lodi a jirgi kafin 31 ga Maris 2024 ba, kamar yadda muka yi alkawari. Muna ba ku haƙuri a kan wannan, kuma mun san zai taɓa tsarin aikinku. Dalili shi ne iyakar Nijar da Najeriya ba ta buɗe ba sai ranar 22 ga Maris 2024, bayan lokacin da muka yi tsammani. Kayan suna hannunmu, kuma mun haɗo hotunansu da takardar awo. Muna ba da shawarar sababbin ranaku kamar haka: kwantena ta farko, tan 19, za ta hau jirgi a Legas ranar 30 ga Afrilu 2024 ko kafin nan, kwantena ta biyu, tan 19, ranar 15 ga Mayu 2024 ko kafin nan. Idan kun amince, muna roƙon ku umarci bankinku ya gyara lamuni: ranar ƙarshe ta lodi ta koma 15 ga Mayu 2024, ranar mutuwar lamuni ta koma 5 ga Yuni 2024, kuma a halatta lodi kashi-kashi. Kuɗin gyaran a kanmu yake. Za mu rage dalar Amurka 15 a kan kowane tan na kwantena ta biyu. Sauran sharuɗɗan kwantiragi suna nan yadda suke. Muna jiran amsarku a rubuce kafin 28 ga Maris 2024."

A lura da abin da wasiƙar ba ta ce ba. Ba ta ce abin ya fi ƙarfin ɗan Adam ba. Akwai jarabar faɗin haka, domin dokokin ciniki sun san uzurin abin da ya fi ƙarfin mutum. Dokar kasuwanci ta OHADA, wadda Nijar take aiki da ita, ta san shi. Yarjejeniyar Vienna ta 1980 a kan cinikin kaya tsakanin ƙasashe, wadda Turkiyya da Sin da Japan suke ciki, ta tanade shi a sashe na 79, kuma tana iya hawa kan cinikin idan kwantiragi ya zaɓi dokar ƙasar mai saye. Amma uzurin yana da sharaɗi: ya zama abin da ba a iya hango shi ba a lokacin sa hannu. Da a ce Alhaji ya sa hannu a farkon Yuli 2023, sannan iyaka ta rufe a kansa, da yana da hujja mai ƙarfi, ko da yake ko a nan ma sashen ya wajabta masa ya sanar da mai saye cikin lokaci, in ba haka ba ya biya asarar da rashin sanarwar ya jawo. Shi kuwa ya sa hannu ne iyaka tana rufe wata bakwai, ya yi fatan za ta buɗe. Lauyan kamfanin Mersin zai gane wannan cikin minti ɗaya, kuma wasiƙar da ta fake da hujjar da ba ta tsaya ba tana mai da mai neman alfarma ya zama abokin jayayya. Gara a faɗi dalili yadda yake, da ranarsa, wadda mai saye zai iya tabbatarwa a labarai.

Ba ta kuma ce "duk asarar da kuka yi a kanmu take" ba. Bahaushe mai kunya yana iya faɗin haka da baki don nuna nadama, a fahimce shi a matsayin ladabi. A rubuce da Ingilishi, da hatimin kamfani a ƙasa, ta zama amincewa da biyan diyyar da ba ta da iyaka. Wasiƙar ta ambaci abin da Alhaji zai ɗauka da adadinsa: kuɗin gyaran lamuni, da dala 15 sau tan 19, wato dala 285.

Ranar 5 ga Yuni ma ba da ka aka zaɓe ta ba. UCP 600 ta ba mai kaya kwana 21 bayan lodi ya gabatar da takardunsa ga banki, sai fa idan lamunin ya ambaci wani wa'adi dabam, kuma dole gabatarwar ta faɗo kafin lamuni ya mutu. Kwana 21 daga 15 ga Mayu shi ne 5 ga Yuni. Ana yawan samun wanda ya nemi a ɗaga ranar lodi ya manta da ranar mutuwar lamuni. Kaya su tashi a kan lokaci, takardu su iso banki, a tarar lamunin ya riga ya mutu.

Yanzu sai fassara. Alhaji ya yi magana da Hausa. Magatakarda, wanda ya yi makarantar boko a Matameye ko Damagaram, ya rubuta da Faransanci. Wani a Kano ko Yamai ya juya zuwa Ingilishi. Mutumin Mersin kuma Ingilishin ba harshen uwarsa ba ne. A kowace gaɓa ana iya zubar da wani abu, kuma abin da ya fi zubewa shi ne bambancin kaya su tashi da kaya su isa. Alhaji ya ce "za mu kawo kaya ranar 30 ga Afrilu". Magatakarda ya sa kalmar Faransanci ta miƙa kaya. Mai fassara ya sa ta Ingilishi mai irin wannan ma'ana. A ƙa'idar FOB hakan yana nufin hawa jirgi a Legas, amma shugaban masana'anta da ya karanta a gurguje zai fahimci riɗi yana ƙofarsa ƙarshen Afrilu, alhali tafiyar teku daga Legas zuwa Mersin, da sauyin jirgi a hanya, tana cin wata guda ko fiye. Maganin wannan mai sauƙi ne: kowace rana a wasiƙar ta zo da aikinta da wurinta a manne, "za ta hau jirgi a Legas". Mai fassara ba shi da izinin gajarta wannan don jimla ta yi daɗi.

Akwai kuma kalmomin da Faransanci da Ingilishi suka yi kama a rubutu suka saɓa a ma'ana, kuma biyu daga cikinsu suna zaune ne a tsakiyar irin wannan wasiƙa. Kalmar Faransanci mai nufin wa'adi kusan harafi ɗaya ya raba ta da ta Ingilishi mai nufin jinkiri. Wanda bai ƙware ba sai ya mai da "muna ba da sabon wa'adi" ya zama "muna ba da sabon jinkiri". Ɗayar kuwa a Faransanci tana nufin "wataƙila, idan hali ya yi", takwararta ta Ingilishi tana nufin "daga ƙarshe dai za a yi". Ragin da Alhaji ya ce wataƙila zai duba, sai ya isa Mersin a matsayin abin da ya tabbata. Haka ma al'adar Faransanci ta cewa kwana goma sha biyar ana nufin mako biyu.

Lambobi sun fi kalmomi haɗari domin ba wanda ke zarginsu. Idan aka rubuta 05/06/2024, ɗan Nijar zai karanta 5 ga Yuni, wanda ya saba da tsarin Amurka zai karanta 6 ga Mayu. A rubuta sunan wata da haruffa, ko yaushe. Faransanci yana sa waƙafi inda Ingilishi ke sa ɗigo, saboda haka 19,000 tana iya zama goma sha tara ko dubu goma sha tara, gwargwadon wanda ya karanta. Sannan ga namu na gida: a kasuwar Kance dala ita ce sefa biyar. Alhaji in ya ce a rage dala goma sha biyar, dole magatakarda ya tsaya ya tambaya, "Alhaji, dalar kasuwa ko ta Amurka?" Ta farko sefa 75 ce, ta biyu dubbai.

Kalmomin kimantawa su ma suna da farashi a wurin banki, kuma mai fassara ya kamata ya san shi. A ƙa'idar UCP 600, "farkon wata" yana nufin 1 zuwa 10, "tsakiyar wata" 11 zuwa 20, "ƙarshen wata" 21 zuwa ranar ƙarshe. "A ranar kaza ko wajen nan" yana nufin kwana biyar kafin ranar zuwa kwana biyar bayanta. Su "nan da nan" da "da zarar hali ya yi" kuwa, banki yana yin kamar bai gan su ba. Idan Alhaji ya ce tsakiyar Mayu yana nufin har wajen 25 ga wata, kuma kalmar ta shiga lamuni, ya ɗaure kansa da 20 bai sani ba.

Batun "in sha Allahu" yana son natsuwa. Musulmi ba ya alkawarin gobe ba tare da ita ba, kuma mai saye a Turkiyya ya san ta sarai. Damuwar ita ce mai fassara da zai mai da ita "idan ya yiwu" ya liƙa ta a jikin rana, sai alkawari ya koma kamar mai ƙofar fita. Wurinta shi ne gaisuwar rufewa, a bar ta yadda take, jimlar ranaku kuma ta tsaya ita kaɗai. Doguwar gaisuwar Hausa da ƙawataccen rufin wasiƙar Faransanci su ma a taƙaita su zuwa layi ɗaya na girmamawa, don mai karatu ya ga lambar kwantiragi da matsalar tun a sakin layi na farko.

Ta yaya Alhaji, wanda ba ya jin Ingilishi, zai san abin da zai sa wa hannu? A ba wani mutum dabam, wanda bai ga asalin ba, takardar Ingilishin, ya karanta wa Alhaji da Hausa. Alhaji ya riƙe kalanda da kwantiragi, ya saurari abu huɗu: tan nawa, wace rana, a wane wuri, wa zai biya me. Duk inda abin da ya ji ya saɓa da abin da ya faɗa, a nan fassara ta karkace. Aikin bai fi rabin awa ba. Idan za a aika da Faransancin da Ingilishin tare, a rubuta a ƙasa wanne ne abin dogaro idan sun saɓa, kuma ya dace ya zama harshen da aka rubuta kwantiragin da shi. Wasiƙar ta fita a takarda mai sunan kamfani, da sa hannun wanda ya sa wa kwantiragin hannu, ta bi adireshin da kwantiragi ya ambata. Saƙon murya a waya yana da amfani wajen sanyaya rai kafin ta isa, amma ba ya maye gurbinta.

Saura abu ɗaya da ke kama mutane bayan an yi komai daidai. Mai saye ya amsa da fara'a, ya ce ba komai, ya amince. Alhaji ya yi hamdala ya tura kaya. Amma amincewar mai saye ba ta canza lamuni. Sai shi mai sayen ya je bankinsa, bankin ya aiko da saƙon gyara ta hanyar SWIFT, wanda ake kira MT707, zuwa bankin Alhaji. Ranar da saƙon ya iso, magatakarda ya je ya duba da idonsa. A takardar lamuni, layin 44C shi ne ranar ƙarshe ta lodi, layin 31D ranar mutuwar lamuni, layin 43P kuma shi ke faɗin ko an halatta lodi kashi-kashi. Bankuna suna rubuta rana da shekara a gaba, sai wata, sai rana, saboda haka 15 ga Mayu 2024 za ta fito 240515, 5 ga Yuni kuma 240605. Idan layin 43P ya hana lodi kashi-kashi kuma bai canza ba, kwantena ta farko da ta tashi ita kaɗai ranar 30 ga Afrilu ta saɓa wa lamuni, duk da wasiƙar amincewa da ke hannun Alhaji.

Idan kuwa 28 ga Maris ta zo ba amsa, shirun mai saye ba yarda ba ne. Tsohon wa'adi yana nan daram, kuma zai cika ranar Lahadi. Kayan suna iya ci gaba zuwa Kano a tace su, domin tataccen riɗi yana da masu saye a Dawanau ko da cinikin Mersin ya rushe. Amma ba a ɗura shi a kwantena a kama hanyar Legas sai saƙon banki ya iso an karanta layukan nan uku.